Jarrabawar HSK 1: karin sauti da baƙaƙen Sinanci sun rikita ni

Tambaya: Malam, saura mini wata uku in zauna jarrabawar HSK 1, matakin farko na gwajin iya harshen Sinanci. Idan malami ya furta mā, má, mǎ, mà ɗaya bayan ɗaya ina jin bambancinsu, amma da zarar an shiga jimla sai komai ya cakuɗe. Baƙaƙen kuma in na haddace yau, jibi sun gudu. Wanne zan fi ba ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da kunnenka, domin yana da jarin da ba ka sani ba. Hausa ma harshe ne mai karin sauti, rubutunmu ne kawai ba ya nuna shi. Furta "kai" na "kai ne", sannan ka furta "kai" na "ciwon kai". Na farko muryarka tana tsaye a sama, na biyu ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Kusan su ne kari na ɗaya da na huɗu a Sinanci, wato na mā da na mà. Abin da za ka ƙara shi ne ka riƙe na ɗaya a sama sosai ba tare da ya gangaro ba, na huɗu kuma ka sare shi da sauri kamar mai tsawatar wa yaro.

Kari na uku ne littattafai ke jefa mutane cikin wahala a kansa. Ana zana shi kamar ƙwarya, ya sauka ya hau, kuma haka yake fita idan an furta gaɓar ita kaɗai. Amma a tsakiyar magana mafi yawan lokaci ba ya hawa, ƙasa yake zama, kamar "me" a cikin "me ya faru". Wannan ne babban dalilin da jimla ke cakuɗe maka: kunnenka na jiran ƙwarya, mai magana kuwa rabinta ya ba ka. A cikin lǎoshī, wato malami, lǎo ƙasa ne kawai, sai shī ta hau sama. Ka ɗauke shi a matsayin karin ƙasa, rabin matsalar ta kau.

Baƙo na gaskiya ga bakin Bahaushe shi ne kari na biyu, domin Hausa ba ta hawa daga ƙasa zuwa sama a cikin gaɓa guda. Shi ya sa ɗalibanmu ke miƙar da shi ya koma na ɗaya, su ce shī a maimakon shí. Ga dabarar da nake ba su: furta "baƙo", ka ji yadda "ba" take ƙasa "ƙo" take sama, sannan ka cire baƙin tsakiya ka ja muryar a numfashi ɗaya. Ɗauki muryarka a waya ka kwatanta da ta kaset ɗin littafinka. In ƙarshen gaɓar bai fi farkonta hawa sama ba, ba ka yi ba tukuna.

Daga nan ka daina atisaye da gaɓa ɗaya. Kalmomin jarrabawar da yawa masu gaɓa biyu ne, kuma kari yana sauyawa idan ya haɗu da maƙwabcinsa. Na uku biyu a jere, na farkon ya koma na biyu: ana rubuta nǐ hǎo, ana faɗin ní hǎo. Haka 不 bù, idan na huɗu ya biyo ta, ta zama bú, kamar a bú shì. Kullum ka zaɓi kalmomi biyar masu kari iri ɗaya, misali na uku da na huɗu, ka maimaita su har kiɗan ya zauna maka a kunne.

Bari mu ɗauki abin da kan fito a sashen saurare. Sha huɗu shi ne shísì, arba'in kuwa sìshí. Na farko hawa ne sai faɗuwa, na biyu faɗuwa sai hawa. A jarrabawa lafazin tsaf yake, bambancin "s" da "sh" zai taimake ka, kuma mu muna da shi a Hausa. Amma in wata rana ka je sari Guwangzhu, za ka tarar da masu shago da yawa suna furta "sh" kamar "s", sai kari kaɗai ya rage tsakanin 14 da 40. Nan ne mutum ke gane cewa kari kuɗi ne.

Yanzu baƙaƙe, kuma zan gaya maka gaskiya. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, HSK 1 kalmomi 150 ce, tambayoyi 20 na saurare da 20 na karatu, ana cin ta da maki 120 cikin 200, kuma kowane baƙi yana da finyin a samansa, wato lafazinsa da haruffan boko. Ke nan za ka iya cin ta ba ka san baƙaƙen sosai ba. Ina roƙonka kada ka bi wannan hanyar, domin a HSK 3 ana cire finyin kusan gaba ɗaya, kuma na ga waɗanda sai da suka koma farko a lokacin. Ka kuma tambayi cibiyar da za ka zauna wane tsari take bi, saboda a 2021 ƙasar Sin ta fitar da sabon ma'auni mai matakai tara, wanda matakin farkonsa ya fi yawan kalmomi.

Baƙaƙen suna gudu ne saboda kana haddace su kamar hoto, alhali yawancinsu gini ne na sassa biyu: ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna lafazi. Dubi 那 da 哪. Na farko nà ne, wancan. Na biyu nǎ ne, wanne. A ido bambancinsu shi ne ɗan akwatin nan 口 na hagu, wanda ke nufin baki. A kunne kuma kari ne kaɗai. 你去那儿 na nufin ka je can, 你去哪儿 kuwa ina za ka. Da ka kama 口, sai ka gan shi a 吃 ci, 喝 sha, 叫 kira, da 吗 mai mayar da jimla tambaya. Ita 吗 da 妈 ta uwa duka suna ɗauke da 马, doki, ba don suna da alaƙa da doki ba, sai don ana kiransa mǎ, suka ari lafazinsa. Amma ka lura, sashen lafazi ba ya ba ka kari: 妈 na ɗaya ce, 吗 kuwa mara nauyi. Karin sai ka haddace shi tare da kalmar.

Akwai wasu 'yan kaɗan da ba su rarrabuwa haka, kamar 大 da 太 da 天, ko 几 da 儿. Waɗannan ka rubuta su da hannu gefe da gefe, kana bin tsarin zanensu, ko da yake babu rubutu a jarrabawar. Hannu yana kama ɗigon da ido ke tsallakewa.

A wata uku, kalmomi uku a rana sun ishe ka ka gama 150 cikin kwana 50. Yi kati, baƙi a gaba, finyin da ma'ana a baya, ka furta da ƙarfi kafin ka juya. In ka faɗi ma'ana daidai amma kari ya kuskure, ka ƙirga shi a cikin waɗanda ba ka ci ba. Sake duba kowane kati washegari, bayan kwana uku, sai bayan mako. Sauran kwana 40 ɗin na tsoffin takardun jarrabawa ne: ka rufe layin finyin da rula ka karanta, sai ka janye ta a inda ka maƙale kawai, ka rubuta baƙin da ya tsayar da kai ka mayar da shi cikin katunan gobe.