Mai ɗaukar ma'aikata ya ce in turo sibi, me zan rubuta masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na gama hidimar ƙasa, kuma shekara uku ke nan ina riƙe da lissafin sito a shagon wani dila a kasuwar Singa, nan Kano. Na ga wani mai nema wa kamfanoni ma'aikata ya saka tallar aikin `Store Officer` a LinkedIn. Suna son wanda ya yi shekara biyu a sito, ya iya Excel da manhajar lissafi ta Sage, yana zaune a Kano, kuma zai iya aiki ranar Asabar. Ban taɓa amfani da Sage ba. Sibi ɗaya ce da ni, na tura ta wurare kusan arba'in, ko amsa ɗaya ban samu ba. Yaya zan gyara ta, kuma me zan rubuta a jikin imel ɗin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tunda a kasuwa kake, bari in fara maka da abin da ka riga ka sani. Mutumin nan da ya saka tallar dillali ne. Kamfani ne ya ba shi saƙo, ya ce a nemo masa mutum mai siffa kaza da kaza, kuma kamfanin ne zai biya shi la'ada idan aka ɗauki wanda ya kawo. Daga cikin tulin takardun da suka shigo masa zai tsamo 'yan kaɗan ya kai wa manajan da ke neman ma'aikaci, a kan kowane ɗaya kuma sai ya faɗi dalilin da ya sa ya kawo shi. To wannan dalilin shi ne abin da za ka rubuta masa. Idan ka sa masa shi a baki, ka rage masa aiki. Idan kuwa ka bar shi ya tono shi da kansa daga cikin shafi uku, zai wuce kan na gaba, don akwai na gaba da yawa.

Kafin ka taɓa sibi ɗin, ɗauko takarda ka ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ka rubuta sharuɗɗan tallar guda biyar: shekara biyu a sito, Excel, Sage, zama a Kano, aikin Asabar. Ɗaya gefen, a gaban kowane sharaɗi, ka rubuta abin da kake da shi na shaida. Za ka ga huɗu daga ciki ka cika su, na farkon ma har da ƙarin shekara guda. Wanda ya cika huɗu cikin biyar yana da ƙarfin da zai tura takarda ba tare da ɗar-ɗar ba. Abin da nake zargi shi ne sibi ɗinka ba ta nuna haka.

Na karanta irin waɗannan takardu ba adadi a shekarun da na yi ina tantance masu neman aiki, kuma kusan duk fasalinsu ɗaya. Suna farawa da ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, ko mutum ya yi aure. Sai makarantu tun daga firamare. Aikin da mutum ya yi, wanda saboda shi ne za a kira shi, sai a can ƙasan shafi na biyu, a layi ɗaya: mai taimakawa a shago. Wannan layin yana ci min rai, domin na san abin da yake ɓoyewa. Yaron da ke riƙe da sito a Singa shi ne yake tsayawa a kan tirela ana sauke kaya yana ƙirga katan-katan, shi ne yake gwada abin da ya shigo da abin da ke rubuce a takardar direba, shi ne yake sanin madarar da ta kusa lalacewa a fitar da ita kafin sabuwa. Wannan duka shi ne aikin da kamfanin ke shirin biyan albashi a kai. Amma mun saba ganin aikin kasuwa kamar ba aiki ba ne, sai mu rage masa daraja da hannunmu.

Saboda haka juya takardar. Sunanka, lambar waya, imel da garin da kake, a sama. A ƙarƙashinsu layi biyu ko uku da ke cewa kai mai kula da sito ne da shekara uku a harkar kayan masarufi na sari, da babbar difloma a akanta. Nan take sai aikin Singa, da watan da ka fara da shekarar. Sunan muƙamin ka rubuta shi da kalmar da ta dace da abin da kake yi a zahiri. Idan kula da sito kake, to haka za ka kira kanka, ko da maigidanka bai taɓa ba ka takardar ɗauka ba. A ƙarƙashinsa layi huɗu sun isa, kowanne da adadi. A ce, alal misali, kayan da kake kula da su iri 180 ne, tirela biyu ake saukewa a mako, kuma kana ƙidayar kaya duk ƙarshen wata. A ce lokacin da ka zo a littafi ake rubuta komai, kai ne ka mayar da shi Excel, har aka gano inda katan ke salwanta. Waɗannan alƙaluman nawa ne na misali, kai ka je ka duba littafin shagonku ka sa na gaskiya. Kada ka ƙara ko katan ɗaya, don a intabiyu za a tambaye ka yadda ka yi, kuma wanda ya san sito yana gane wanda bai sani ba cikin tambaya biyu.

Kalmomin da tallar ta yi amfani da su, ka yi amfani da su kai ma, matuƙar gaskiya ne a kanka. Idan sun rubuta `stock reconciliation`, wato daidaita kayan da ke sito da abin da ke rubuce, kai kuma kana yin sa, ka rubuta shi haka. Masu wannan sana'a da dama suna neman kalma ne a cikin takardun ta kwamfuta, wanda ma ke karantawa da ido kalmar da ke kansa yake lalube. Karatu ya biyo bayan aiki: difloma, takardar kammala hidimar ƙasa, sakandare idan da wuri. Firamare, addini da sha'awar kallon ƙwallo duk su fita. A matakinka shafi ɗaya ya wadatar, iyaka biyu.

Yanzu jikin imel ɗin. Da Turanci za ka rubuta tunda da shi aka yi tallar, amma ka fara tsara ma'anar da Hausa, don abin da ba ka iya faɗa a fili da harshenka ba, ba zai fito a fili da na wani ba. Ga yadda zan so ya kasance:

"Barka da aiki. Ina neman aikin mai kula da sito a Kano wanda ka tallata a LinkedIn ranar kaza. Shekara uku nake kula da siton wani dilan kayan masarufi a kasuwar Singa, da kaya iri 180, kuma ni na mayar da lissafinsa daga littafi zuwa Excel. Ina da babbar difloma a akanta. Ban yi aiki da Sage ba tukuna, amma shigar da kaya, fitar da su da daidaita ƙidaya aikina ne na kullum, kuma na fara koyon manhajar. Ina zaune a Kano, aikin Asabar ba sabon abu ba ne a wurina, zan iya farawa bayan mako biyu. Na haɗo da sibi ɗina, ga kuma lambar wayata. Na gode."

Duba abin da ke ciki. Jimla ta biyu ta faɗi aikin da kake nema, don mutumin yana iya riƙe da guraben kamfanoni goma a lokaci guda. Na tsakiya su ne shaidar. Maganar Sage kuma ka faɗe ta da bakinka. Wasu za su ce ka yi shiru a kai, ni ban yarda ba. Dillalin da ya kai ka gaban manaja sannan aka gano giɓin a can, shi aka kunyata, kuma ba zai sake kiran ka ba ko wani gurbin ya fito. Idan kuwa ya sani tun farko, zai iya cewa manajan ga yaro ya san sito ciki da bai, manhaja ce kawai za a nuna masa. Sai dai kada ka rubuta ka fara koyo alhali ba ka fara ba. Ka fara yau, sannan ka tura gobe.

Akwai abin da na cire da gangan, kuma na san zai yi maka nauyi. Babu doguwar gaisuwa, babu "a taimaka min saboda Allah", babu labarin iyaye da ƙanne da ke wuyanka. Na san gaskiya ne, kuma a tarbiyyarmu shiga magana kai tsaye kamar rashin kunya ne. Amma mutumin ba zai iya kai wa manaja tausayi a matsayin dalili ba. Gaisuwa ɗaya da godiya ɗaya sun cika ladabi.

Kan imel ɗin da sunan fayil, ka yi su kamar haka, sai dai idan tallar ta faɗi abin da za a rubuta, to nata za ka bi harafi da harafi:

```
Subject: Store Officer, Kano - Sunanka
Sunanka_CV_Store_Officer.pdf
```

Ka tura PDF da aka fitar daga kwamfuta, wanda ake iya kwafar rubutunsa. Hoton takarda da aka ɗauka da waya ba a iya neman kalma a cikinsa. Ka fara tura wa kanka, ka buɗe a waya ka ga yadda ya fito, ka tabbata fayil ɗin ya maƙale. Adireshin imel ɗin ya zama sunanka, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba. Mutum ɗaya za ka tura wa a saƙo ɗaya. Na taɓa samun takardar wani da ya cancanta sosai, amma a jikin saƙon sunan wani kamfani daban ne, ya manta bai goge ba, ga kuma adireshin mutum sama da ashirin a jere a sama. Na kira shi duk da haka, amma abokin aikina da ya ga saƙon kafin ni ya riga ya ajiye shi gefe.

Bayan mako guda, idan shiru, ka amsa a kan saƙon naka na farko da layi biyu: kana tuni, kuma har yanzu kana nan. Sau ɗaya ya isa. Kada ka bi shi da kira cikin dare ko ka cika masa WhatsApp da sallama.

Ka kuma riƙa rubuta inda ka tura da ranar, don daga nan za ka gane inda matsalar take. Idan ka tura goma da aka gyara haka, ga ayyukan da ka cika yawancin sharuɗɗansu, babu kira ko ɗaya, to koma kan rabin shafin farko, wataƙila har yanzu bai nuna sito ba. Idan ana kira amma maganar na mutuwa bayan wayar farko, takardar ta yi aikinta, sai a duba abin da kake faɗa game da albashi da lokacin farawa.

Abu ɗaya kuma da ba na so ka yi sakaci da shi: tunda kamfani ne ke biyan la'ada, duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, kuɗin rajista ko na gwajin lafiya kafin intabiyu, ka rabu da shi. Lambar BVN da bayanan asusun banki ba su da gurbi a sibi. Idan an ɗauke ka, ofishin kamfanin ne zai nemi lambar asusunka don biyan albashi, bayan takardar ɗauka ta zo hannunka.