Taransifoma a ƙasan bene: busasshe ko mai mai?

"Injiniya, barka da aiki. Ina gina bene mai hawa goma a Garwa, otal a sama, ofisoshi a ƙasa. An ce ina bukatar taransifoma 1000 kVA a kan layin kilobolt 15. Mai zanen ginin ya ware masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya ce sai busasshe. Ɗan kwangilar wuta kuma ya ce mai mai ya fi araha, ya fi ƙarancin cin wuta, ya fi jure zafinmu. Wa zan bi?" Daga wani Alhaji, Garwa.

Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Dukansu biyu sun faɗa maka gaskiya, sai dai wurin da za a ajiye taransifoman shi ne zai raba gardamar. Muddin a cikin ginin zai zauna, ƙarƙashin ɗakunan da baƙi ke kwana, ni busasshe zan ce ka saya, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Dalilin farko gobara ce. Taransifoma mai mai na girman da aka faɗa maka yana ɗauke da mai lita ɗaruruwa, ganga biyu zuwa uku. Man nan irin na fetur ne da aka tace, kuma idan zafinsa ya kai wajen digiri 170, wuta ko tartsatsi ya same shi, yakan kama ya ci gaba da ci. A aikin yau da kullum ba ya ko kusantar nan. Ranar da ake tsoro ita ce ranar da wayoyin ciki suka haɗu, tartsatsi ya mai da man iskar gas, tankin ya kumbura ya tsage, mai ya malalo yana ci. A fili, wannan asarar kuɗi ce. A ƙarƙashin bene kuwa hayaƙin baƙi ƙirin zai bi ramin lif da matakala ya hau sama, ta hanyar da mutane za su bi su sauko. Shi busasshe, wanda aka zuba wa wayoyinsa ƙaro aka daskarar, babu abin da zai malalo daga jikinsa. Ka tabbata takardarsa ta nuna F1 bisa ƙa'idar IEC 60076-11. Ma'anarsa an gwada shi da wuta, ba ya saurin kamawa, yana mutuwa da kansa idan aka janye wutar, hayaƙinsa kuma kaɗan ne. Kafin ka biya ko sisi, ka kai zanen ga kamfanin wuta da 'yan kwana-kwana da kamfanin inshorarka, kowa ya ba ka amincewarsa a rubuce.

To, maganar cin wuta, ɗan kwangilarka yana da hujja. Kowane taransifoma yana asarar wuta ta hanya biyu. Akwai ta ƙarfen ciki, wadda ke tafiya dare da rana ko da ba a kunna ƙwan fitila ɗaya ba. Akwai kuma ta wayoyi, wadda ke bin nauyin da aka ɗora masa: idan nauyi ya ragu zuwa rabi, ita takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tunda yawancin kayan da ke shigo mana ƙirar Turai ne, bari mu auna da iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa tun watan Yulin 2021 ga 1000 kVA. Mai mai, asarar ƙarfe wat 693, ta wayoyi wat 7,600 idan an cika masa nauyi. Busasshe, wat 1,395 da wat 9,000.

Otal ba ya yini a cikakken nauyi, don haka mu ɗauka rabi. Mai mai zai yi asarar 693 da 1,900, wato wat 2,600 ke nan kusan. Busasshe zai yi 1,395 da 2,250, wajen wat 3,650. Bambancin kilowat ɗaya ne da ɗan ɗoriya, wanda a shekara ya kai yunit 9,200. In muka ƙaddara sefa 100 kowane yunit (ka sa farashin da ke kan takardar kuɗin wutarka), kana maganar sefa 920,000 duk shekara, kuma taransifoma na kanka ne, asararsa a kanka take. Ga shi busasshen ya fi tsada tun wajen saye.

Sai dai akwai lissafin da ba a cika yi wa mai gini ba. Idan ka zaɓi mai mai, dole ka fitar da shi daga jikin benen, ƙa'idar Faransa da injiniyoyinmu ke aiki da ita ma sai an ba da tazarar mita 8 take sassautawa a kan bangon kare gobara. Daga can kuma sai an jawo wutar bolt 400 zuwa babban allon rabawa. A rabin nauyi, ampiya 720 ce ke bin kowace waya. A ce nisan ya ƙaru da mita 40, an sa kebul na tagulla mai kauri milimita murabba'i 240 guda huɗu-huɗu a kowane layi. Zafin da kebul ɗin kaɗai zai ɓatar ya haura kilowat ɗaya. Ka ga ribar ta tafi ke nan, ba a ma yi maganar kuɗin tagullar ba, da ɗakin da za a gina, da ramin da zai tare dukkan man idan ya zube, wanda ake rufe samansa da tsakuwa don ta kashe wutar. Idan filinka ya ba da dama a kafa shi kusa da allon rabawa ba tare da an shiga jikin ginin ba, to mai mai zaɓi ne mai kyau ƙwarai, kuma zan goyi bayansa. Idan sai an yi doguwar tafiya, arahar ta suna ce.

Inda nake so ka fi buɗe ido shi ne zafi, domin nan ne busasshe ke mutuwa a ƙasarmu. Taransifoman da aka ƙera a kan ƙa'idar gama-gari an lissafa shi ne ga wurin da zafi bai wuce digiri 40 ba, matsakaicin wata mafi zafi 30, matsakaicin shekara 20. Garwa ta tsallake duka ukun. A Maris da Afrilu rana na haura 40 a inuwa, matsakaicin shekararmu kuma yana wajen 28. Kuma a daidai lokacin ne duk na'urorin sanyaya ɗaki na otal ɗinka za su tashi gaba ɗaya. Wannan matsalar ba ta bar mai mai ba, shi ma takardar da ke naɗe da wayoyinsa tana ninka saurin tsufa duk ƙarin digiri 6, amma shi yana waje yana shan iska, man kuma yana kwashe zafi ya kai ga fikafikan tanki. Busasshe ba shi da mai ceto sai iskar ɗakin da ka sa shi.

Don haka a takardar oda a rubuta cewa za a yi aiki da shi a zafin digiri 50. Maƙera sun san abin da hakan ke nufi: maimakon wayoyin su ɗara zafin ɗaki da digiri 100, sai a ƙera su su ɗara shi da 90 kawai. Idan kuwa na kan kanta za ka ɗauka, ka sani a digiri 50 ba 1000 kVA gare ka ba, wajen 940 ne.

Sai ɗakin. A cikakken nauyi busasshen nan yana fitar da zafi kilowat 10.4, kwatankwacin dutsen guga goma a kunne ba a kashewa. Don kada iskar ɗakin ta ɗara ta waje da fiye da digiri 10, sai an riƙa musanya kusan mita kubik ɗaya kowace daƙiƙa, wato wajen 3,500 a awa. A ɗakin da ke kan doron ƙasa ana iya taimaka wa kai da tagogi biyu, ɗaya can ƙasa don shigar iska, ɗaya sama a bangon da ke fuskantarta, kowace ta kusa mita murabba'i ɗaya da rabi bayan an cire abin da raga ta toshe. A ƙarƙashin ƙasa wannan ba zai yiwu ba, sai fanka mai zuƙe iska da bututu. A sa fanka biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, kuma a haɗa musu ƙararrawa. A cikin wayoyin taransifoman a sa ma'aunin zafi PT100 a kowane layi, ya yi gargaɗi a digiri 140, ya yanke wuta a 150. Idan gargaɗin nan ya fara kuka da la'asar a bazara, kada kowa ya ɗaga masa lamba don ya yi shiru. A je a duba raga da fanka, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe su.

Ƙurar nan ma abin kula ce. Tana kwanciya a hanyoyin iska na jikin taransifoman, idan damina ta zo ta sha laima sai ta zama hanyar da wuta ke bi ta saman ƙaron. Alamarta ƙara mai kama da tsitsitsi da baƙin zane a jikinsa. Maganinta a kashe wuta a kakkaɓe shi da busasshiyar iska bayan hunturu, kafin ruwan farko. A kuma sa shi cikin akwatinsa na IP31, domin taɓa jikin ƙaron yana aiki daidai yake da taɓa waya tsirara.

Da ni ne kai, Alhaji, zan zauna da mai zanen in roƙe shi ya hauro da ɗakin zuwa hawan ƙasa, jikin bangon waje, da ƙofa mai fita fili wadda mota za ta iya isa. Ka rasa kuɗin hayar shago ɗaya, ka huta da fargabar ruwan Agusta da ke gangarawa ƙarƙashin gini, ga iska ta samu. Ƙofar kuma tana da ranarta: busasshe idan wayarsa ta ƙone ba a sake naɗa ta a bita kamar ta mai mai, sai an yi odar sabuwa daga waje, a jira ta sauka Duwala ta hauro arewa. Saboda haka ka tambayi injiniyanka farashin 630 kVA guda biyu a madadin babba ɗaya, ko ɗaya ya faɗi lif da famfunan ruwa da rabin ɗakuna ba za su tsaya ba. A sa masa kuma abin kare tsawa a ɓangaren kilobolt 15, musamman in wutar daga layin sama take gangarowa.

"Na samu tsohon taransifoma mai mai a rabin kuɗi, mai shi ya ce mansa ba ya kama wuta. In ɗauka?" Daga wani ɗan kwangila, Marwa.

Ɗan'uwa, ka karanta farantin da ke jikinsa tukuna. Idan ka ga Pyralène ko Askarel ko PCB, ka bar shi inda yake. Gaskiya ne wannan ruwan ba ya saurin ci, amma guba ne, idan wuta ta gasa shi yana fitar da hayaƙi mai mugun lahani, kuma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa shi cikin abubuwan da za a kawar. Mai da ba ya saurin kamawa na halal shi ne esta, wanda sai ya wuce digiri 300 yake ci, za ka ga harafin K a farantin, kamar KNAN a wurin ONAN. Idan farantin ya goge ko an sauya man, a ɗebi kaɗan a kwalba mai tsabta a kai gwaji, a duba PCB da ruwa da ƙarfin man, sannan a yi ciniki.