Lissafin Kostiakov ya saɓa da abin da na gani a gona

"Jama'a, na auna shigar ruwa cikin ƙasa da zobe biyu, na ɗora Kostiakov a Excel, R² ya ba ni 0.99. Amma a awa ta huɗu lissafin ya yi ƙasa da abin da na auna. Ina na yi kuskure?"

Ɗan'uwa, da wuya laifin ya zama naka, halin lissafin ne. Na ci karo da irin haka a wata gonar rani da ke wajen Kadawa, ƙasa mai yashi-yashi.

Zobena na ciki faɗinsa santimita 30, na waje 60. Na kafa su zurfin santimita 15, na riƙe ruwa daidai da juna a ciki da waje. A minti na 10 jimillar ruwan da ƙasa ta sha milimita 18 ce, a minti na 100 ta kai 72. Ga lissafin, inda Z ke nufin jimillar ruwan da ƙasa ta sha, t lokaci a minti, i kuma gudun shigar ruwa a awa:

```
Z = k*t^a
a = log(72/18)/log(100/10) = 0.602
k = 18/10^0.602 = 4.5
i = 60*k*a*t^(a-1)
```

A minti na 120 wannan ya ba da milimita 24 a awa, daidai da abin da ruler ta nuna mini. To daga nan ƙasar ta tsaya cak a kan 24 har na tashi, amma lissafin bai tsaya ba: 18 a awa ta huɗu, wajen 13 a awa ta goma. Tunda darajar `a` ba ta kai 1 ba, gudun zai yi ta raguwa har ya doshi sifili, ƙasa kuwa ba ta yin haka. R² ba zai tona maka wannan ba, domin jimilla kullum hawa take yi, kusan kowane lanƙwasasshen layi zai zauna a kanta.

Mafi sauƙi, ka yi aiki da Kostiakov zuwa inda gudun ya daidaita, daga nan ka riƙe adadin da ka auna. In kuma rahoto za ka miƙa, ɗauki `Z = k*t^a + f0*t`, inda f0 ke nufin gudun da ƙasa ke daidaita a kai, ka bar Solver na Excel ya nemo k da a da f0 tare. Kada ka ɗaure f0 a kan karatunka na ƙarshe, mafari kawai za ka ba shi da shi, don ɓangaren farko bai gama mutuwa ba a lokacin.

Sai dai kafin duk wannan, duba takardarka ta gona. Idan karatu uku ko huɗu na ƙarshe ba su zo ɗaya ba, ka tashi da wuri, babu lissafin da zai gyara. Idan kuma gudun ya yi tsalle sama a tsakiya, ko dai ruwan zoben waje ya ja baya, ko zoben ya hau kan ramin gara. Ni sau ɗaya ramin gara ya shanye mini jarka biyu kafin na gane. Turo mana karatun naka mu gani, da nau'in ƙasar.