Hukuncin Sayen Ragon Layya Ta Hanyar Garaɓasar Sallah Daga Ƙasar Waje

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a Birmingham, mahaifiyata da ƙannena suna Kano. Wani kamfani ya fito da garaɓasar Babbar Sallah: ka biya fam 240, su kai wa gidanku "babban rago" kafin Sallah, su ɗora buhun shinkafa kyauta. Wanda ba shi da kuɗin a dunƙule zai iya biya sau uku, fam 80 duk wata, amma in ya makara akwai tarar fam 10. Ya halatta in shiga? Kuma layyar ta wa za ta zama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da Hajiya.

Sunan "garaɓasa" ko "kyautar Sallah" ba ya canza komai. Abin da ke tsakaninka da kamfanin nan ciniki ne, kuma da yake ranar da za ka biya babu wani rago takamaimai da aka nuna maka, sai dai alkawarin za a kawo, to wannan shi ne malamai ke kira salam. Ya halatta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya iske mutanen Madina suna biyan kuɗin 'ya'yan itace tun kafin shekara ɗaya ko biyu, sai ya umarce su da su yi shi a kan mudu sananne, awo sananne, zuwa lokaci sananne. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun yarda a yi shi a kan dabba, Hanafiyya ne suka hana.

Matsalar farko tana cikin kalmar "babban rago". Duk wanda ya taɓa shiga kara ana gobe Sallah ya san babban wani ƙaramin wani ne. Dole a rubuta maka irinsa, balami ne ko uda ko ɗan ƙasa, da shekarunsa, da kimanin nauyinsa, da ranar da za a kai shi ƙofar gida. A mazhabar Malik ragon layya sai ya cika shekara, kuma hadisin Bara'u ɗan Azib ya fitar da mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurgu, da ramamme. Ka sa a rubuta cewa in aka kawo mai ɗaya daga cikin waɗannan za a musanya. Shinkafar ma a faɗi kilo nawa ce, domin tunda da ita aka jawo ka, ta shiga cikin abin da ka saya.

Sai biya sau uku, inda na fi so ka tsaya. Sharaɗin salam shi ne a miƙa kuɗin gaba ɗaya, Malikiyya sun ɗaga ƙafa na kwana uku kacal. In ka ba da fam 80 yau, ana bin ka 160, kai kuma kana bin su rago, to an sayar da bashi da bashi, kuma malamai sun haɗu a kan hana wannan. Mafita tana da sauƙi: ko ka biya 240 ɗin nan take, ko kuma su fara kai ragon ƙaninka ya karɓa a madadinka, sannan ka riƙa biya wata-wata a kan farashin da aka yanke tun farko. Wannan na biyu sayarwa ce da bashi, ba laifi ko da farashin ya ɗara na kuɗi hannu. Amma tarar fam 10 riba ce, ƙari ne a kan bashi saboda jinkiri. Kada ka sa hannu a kanta da cewa ai ba za ka makara ba. A cire ta, ko ka bar tsarin.

Biya da fam alhali za a sayi ragon da naira bai shafe ka ba, rago ka saya, ba canji ka yi ba.

Game da mai layya kuwa, Malikiyya sun ce mutum yana shigar da wani cikin ladan layyarsa ne idan danginsa ne, yana ciyar da shi, kuma suna zaune tare. Kai kana Ingila, sharaɗin zama tare bai cika ba. Saboda haka ka kira Hajiya ka ce mata ka mallaka mata ragon, ya zama layyarta, a yanka bayan limamin garinsu ya yanka nasa, ba da agogon Birmingham ba. In kana da hali, kai ma ka yi taka daban.

Ni a ganina, in kana da ƙani amintacce da ya san dabba, ka tura masa kuɗin ya shiga kara ya duba haƙori da ƙafa da idonsa. Allah ne mafi sani.