Jadawalin mambobi: CSV, Excel ko JSON?

Tambaya: Ni sakatare ne na wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi. Ina da jadawalin mambobi mai ɗauke da suna, lambar waya, unguwa da kuɗin da kowa ya biya. Ma'ajinmu Excel yake amfani da shi, wakilinmu na Maraɗi kwamfutarsa ta Faransanci ce, mai gina mana manhaja kuma ya ce in turo masa CSV ko JSON. Wanne zan tura wa kowa?

Amsa: Malam sakatare, kada ka nemi fayil ɗaya da zai gamsar da su duka. Ka riƙe fayil ɗin Excel, wato `.xlsx`, a matsayin uwar jadawali, shi za ka ba ma'aji da wakilin Maraɗi, sannan ka fitar wa mai manhaja CSV daga cikinsa duk lokacin da ya buƙata.

Dalilin yana cikin lambobin wayar nan. CSV rubutu ne zalla, layi bayan layi, waƙafi na raba gurabe:

```
lamba,waya,unguwa,biya
17,08030000001,Ƙofar Mata,5000
```

Babu abin da ke cikin fayil ɗin da zai faɗa wa manhaja cewa gurbi na biyu lambar waya ce ba adadi ba. Da ma'aji ya danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, sai Excel ya yi hasashe, ya ɗauke ta adadi, ya zubar da sifilin farko, ta koma `8030000001`. In kuwa da 234 aka fara rubuta ta, ta kai lambobi 13, za ta fito kamar `2.34803E+12`. A wannan matakin fayil ɗin bai lalace ba tukuna. Ɓarnar na faruwa ne idan ya danna `Save`, domin abin da ke kan allo shi ake rubutawa cikin CSV, kuma lambobin da suka ɓace ba sa dawowa. Wannan ne ya fi damuna, saboda ba wanda ke lura sai ranar da aka tashi tura wa mambobi saƙo. A `.xlsx` kuwa, ka mai da gurbin waya `Text` kafin ka fara shigar da lambobi, wannan tsarin zai bi fayil ɗin duk inda ya je.

Wakilin Maraɗi yana da tasa matsalar. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba adadi da ɓurɓushinsa, ana rubuta 2,5 maimakon 2.5, don haka Excel ɗinsa `;` yake jira tsakanin gurabe. Ka tura masa CSV mai waƙafi, zai ga kowane layi ya dunƙule a gurbi guda. Shi ma `.xlsx` ya raba shi da wannan.

Wajen fitar wa mai manhaja nasa, ka shiga `Save As` ka zaɓi `CSV UTF-8 (Comma delimited)`, ban da `CSV (Comma delimited)` na gargajiya, wanda ke mai da ƙ, ɗ da ɓ alamar tambaya, kuma wannan ma ba ya gyaruwa. Amma in ka ga ƙ ta koma `Æ™`, kada hankalinka ya tashi: harafin na nan lafiya, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba. Ka sani kuma shafi ɗaya kawai CSV ke ɗauka, wanda kake kai, kuma lissafi irin `=SUM(D2:D300)` sakamakonsa ne zai tafi, shi kansa ba zai tafi ba. Kafin ka tura, buɗe fayil ɗin da `Notepad` ka duba layi uku zuwa huɗu, ko sifili na nan, ko haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai. In dole sai an buɗe shi a Excel, a bi ta `Data` zuwa `From Text/CSV` a mai da gurbin waya `Text` kafin a loda.

JSON fa? Yana bambanta rubutu da adadi, wannan alherinsa ne:

```json
{"lamba": 17, "waya": "08030000001", "biya": [5000, 2000]}
```

Ka ga biya biyu sun zauna ƙarƙashin mutum ɗaya, abin da jadawali mai layi da gurbi ba ya yi cikin sauƙi. Amma ba fayil ne da za ka zauna kana rubutawa da hannu ba, waƙafi ɗaya ya kuɓuce maka duk fayil ɗin ya ƙi karantuwa. Naka jadawalin shimfiɗaɗɗe ne, CSV ya ishi mai manhaja, in yana son JSON aikin 'yan mintoci ne a wurinsa ya juya shi. Abu ɗaya za ka roƙe shi: duk gyaran da ya gano ya faɗa maka ka yi a `.xlsx`, kada ya gyara a nasa ku wayi gari da jadawali biyu masu saɓani.