Yadda asara ke bin matakan bashin da aka yanka

Tambaya: Idan an tattara basussuka aka sayar wa masu zuba jari mataki-mataki, wa ke fara yin asara?

Amsa: Na ƙasa ne, kuma da gangan aka tsara hakan. A ce banki ya tattara bashin miliyan 100 ya sayar wa wani kamfani na musamman da aka kafa don riƙe shi kaɗai. Kamfanin ya fitar da takardu kashi uku: na sama miliyan 80, na tsakiya 15, na ƙasa 5.

Kuɗin da masu bashi ke biya daga sama yake gangarowa. Sai na sama ya karɓi haƙƙinsa cif kafin na tsakiya ya samu, ragowar ita ce rabon na ƙasa. Asara kuwa daga ƙasa take hawa. In miliyan 8 suka salwanta, na ƙasa ya tashi a tutar babu, na tsakiya ya rasa 3 cikin 15, wato kashi 20 cikin ɗari, na sama ko kwabo bai rasa ba. Shi ya sa ribar na sama ba ta da yawa: sai asara ta haura miliyan 20 kafin ta taɓa shi.

Inda ake tafka kuskure shi ne ɗaukar cewa masu bashin ba za su gaza biya lokaci guda ba. A rikicin tattalin arziki na 2007 zuwa 2008 farashin gidaje ya faɗi kusan ko'ina a Amurka, asara ta kai har wasu matakan bashin gidaje da aka ba darajar AAA, wato darajar aminci mafi girma da kamfanonin tantance bashi ke bayarwa. Don haka kada darajar ta ishe ka. Duba kaurin matakan da ke ƙarƙashinka, ka kuma bincika ko basussukan daga yanki ɗaya ko sana'a ɗaya suka fito.