Kafin ka tura wasiƙar soke hostin

Tambaya: "Tsohon ma'aikacina ne ya buɗe wa shagona hostin, yanzu ya bar aiki. Yaya zan rubuta wa kamfanin su soke?"

Alhaji, kada ka yi gaggawar tura ta. Fara duba sunan wa asusun hostin ɗin, wato wurin da kamfanin ke ajiye shafin intanet na shagonka, yake ɗauke da shi. In da imel ɗin yaron aka buɗe, a wurin kamfanin shi ne mai asusun, ba za su soke don wasiƙar wani ba, ko da katinka ake cirar kuɗin. Sai ka nemi su mayar da asusun sunanka tukuna, ka haɗa da takardar rajistar kasuwanci, katin shaida, da rasidin biya.

Kafin sokewa, shiga cPanel, wato shafin sarrafa hostin, ɓangaren Backup, ka sauke kwafin komai, har imel ɗin shagon, domin in suka goge ba lallai ya dawo ba.

A wasiƙar ka sa sunan domen, wato adireshin shafinka a intanet, lambar rasidin ƙarshe, da lambobi 4 na ƙarshen katin, ba dukkansu ba. Ka ce a soke hostin kaɗai a ƙarshen wa'adin da ka biya, a kashe sabuntawa ta kai tsaye ta hostin ɗin, kada a taɓa domen. A nan ake yawan tafka asara: domen ya ƙare, wani ya saye sunan shagonka. Ka nemi tabbaci a rubuce, kuma ka duba bayanin banki ranar da aka saba cira.